Layin MR da wurin rufe aiki: inda maki ke zubewa a zanen jarrabawa

"Malam, ni ɗaliba ce a aji ɗaya, sashen nazarin tattalin arziki. Lissafin ina samun sa daidai, amma duk tambayar da aka ce a yi zane sai makina ya zube. A gwajin da ya wuce an zagaye mini layin MR da jan biro, an kuma rubuta alamar tambaya a wurin da na nuna cewa kamfani zai rufe aiki. Na duba littafi, ni dai a idona zanena da nasu ɗaya ne. Mene ne nake yi ba daidai ba?"

'Yata, ban ga takardarki ba, amma jan biro a waɗannan wurare biyu yawanci abu ɗaya ke jawo shi. Mai duba takarda ba kyan zane yake nema ba. Yana duba inda layi ya taso, inda ya yanki wani layin, da inda ya taɓa layin kwance, domin kowanne daga cikin waɗannan wurare yana da lissafin da ya tilasta masa zama a nan. Zane biyu suna iya yin kama daga nesa alhali ɗaya ya karya lissafin. Bari mu ɗauki lambobi mu bi su, za ki ga inda hannu ke zamewa. Lambobin da zan yi aiki da su na ƙirƙira su ne don darasi, ba farashin kasuwa ba ne.

Layin MR na mai babakere a kasuwa

Mu fara da kamfanin da shi kaɗai ke sayar da wani kaya, wanda in yana son ya sayar da ƙari dole ya rage farashi. A ce layin buƙata shi ne P = 120 − 10Q, inda P farashi ne, Q kuma yawan kaya. Ga abin da ke fitowa:

```
Q    1    2    3    4    5    6    7
P    110  100  90   80   70   60   50
TR   110  200  270  320  350  360  350
MR   110  90   70   50   30   10   -10
```

TR shi ne jimillar kuɗin da ya shigo, wato farashi sau yawan kaya. MR kuma shi ne abin da jimillar ta ƙaru da shi saboda an sayar da ƙarin kaya ɗaya. Dubi kaya na huɗu. An sayar da shi a kan 80, amma jimilla ta ƙaru da 50 kacal. Ina 30 ta tafi? Kafin ya sayar da na huɗun, yana sayar da uku a kan 90 kowanne. Da ya sauko zuwa 80 bai sauko wa mai saye na huɗu shi kaɗai ba, ya sauko wa kowa, sai ya yi asarar goma-goma a kan ukun farko. Ya samu 80, ya rasa 30, saura 50. Wannan shi ne dalilin da ya sa layin MR ke ƙarƙashin layin buƙata, kuma wanda ya riƙe wannan dalili ba zai taɓa zana MR a saman layin buƙata ba, ko ya sa su yanki juna a tsakiya.

Kuskuren da ya fi yawa a takardu shi ne a zana MR a ƙarƙashin layin buƙata, amma su jera kamar layin dogo, tazararsu ɗaya daga sama har ƙasa. Ɗalibi ya tuna cewa MR yana ƙasa, sai ya ɗan zame da rula ya ja layi. Amma dubi teburin. Farashi yana sauka da goma-goma, MR yana sauka da ashirin-ashirin. Tazarar da ke tsakaninsu tana buɗewa ne yayin da ake tafiya dama, saboda yawan kayan da ragin farashi ke shafa yana ƙaruwa. A lissafi, idan P = a − bQ, to TR = aQ − bQ², kuma MR = a − 2bQ. A misalinmu MR = 120 − 20Q. Abu biyu ke fitowa daga nan. Layukan biyu suna tasowa daga ɗigo ɗaya a jikin layin tsaye, wato 120. Sannan gangaren MR ya ninka na layin buƙata sau biyu, don haka layin buƙata yana taɓa layin kwance a 12, MR kuma yana taɓa shi a 6, rabin hanya daidai.

A ɗakin jarrabawa ba sai kin yi lissafi ba. Ja layin buƙata har ya taɓa layin tsaye da layin kwance duka. Auna da rula daga kusurwa zuwa inda ya taɓa layin kwance. In santimita goma ce, sa ɗigo a biyar. Ja MR daga inda layin buƙata ya taso, ya bi ta wannan ɗigon. Yawancin ɗalibai suna zana layin buƙata yana lilo a tsakiyar takarda, bai taɓa ko'ina ba, sai su rasa inda za su auna rabi. In ma haka kika zana shi, dabarar tana nan: ja layi a kwance daga layin tsaye zuwa layin buƙata a kowane tsayi, MR zai raba shi biyu daidai. A tsayin 60, misali, layin buƙata yana kan 6, MR yana kan 3. Sai dai ki lura, wannan ƙa'idar rabi ta miƙaƙƙen layin buƙata ce kawai. In layin mai lanƙwasa ne, MR yana nan ƙarƙashinsa, amma ba lallai ya raba tazarar biyu daidai ba.

Na biyu, kada ki tsayar da MR a kan layin kwance kamar ya ci karo da bango. Yana wucewa ƙasa. Kaya na bakwai ya rage jimilla daga 360 zuwa 350, wato MR ɗinsa −10 ne. Ki bar ɗan fili a ƙarƙashin layin kwance tun kafin ki fara, ki bar MR ya ɗan leƙa ciki. Layin buƙata ne ba ya wucewa ƙasa, don ba a sayar da kaya a farashin da ya gaza sifili. Idan kuma tambayar ta ce a zana TR a ƙasan wannan zanen, ƙololuwar TR dole ta zo daidai ƙarƙashin inda MR ya yanki layin kwance. A misalinmu a kan 6 ne, inda TR ya kai 360. A ja layi mai ɗigo-ɗigo daga zanen sama zuwa na ƙasa don a nuna an san haka. Ɗalibai da yawa suna sa ƙololuwar TR a inda layin buƙata ya ƙare, wato a 12, alhali a nan farashi sifili ne, kuɗin shiga ma sifili ne.

Akwai wani ƙaramin abu da ke rikita masu zane daga tebur. MR na 90 bai zauna a kan kaya na ɗaya ba, bai zauna a kan na biyu ba, ya faru ne yayin tafiya daga 1 zuwa 2. Don haka wurinsa a zane shi ne 1.5. Na 110 wurinsa 0.5, na 70 wurinsa 2.5, haka har ƙarshe. Gwada da 120 − 20Q: a 1.5 za ki samu 90, daidai da tebur. In kika ɗora lambobin a kan 1, 2, 3, layin zai matsa dama da rabin taki. Zai yanki layin kwance a 6.5 maimakon 6, in kuma kika miƙa shi baya zai taɓa layin tsaye a 130, sama da layin buƙata, abin da ba zai yiwu ba. Wasu littattafan sakandare suna ɗora MR a kan cikakkun lambobi don sauƙi, kuma akwai malaman da ke karɓar hakan. In malaminku ya nuna salon da yake so, bi nasa. In bai faɗa ba, sa a tsakiya, ki rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin zanen cewa an ɗora MR a tsakanin lambobi. Da wuya a rage miki maki a kan haka.

Sai babban cikinsu, wanda ke cinye makin tambaya gaba ɗaya: karanta farashi daga inda MR ya haɗu da MC. MC shi ne ƙarin kuɗin da ake kashewa don samar da ƙarin kaya ɗaya. A ce a misalinmu MC ya yanki MR a tsayin 40. Daga 120 − 20Q = 40 za ki samu Q = 4. Wannan mahaɗar yawan kaya kawai take faɗa miki. Farashi kuwa masu saye ne ke faɗinsa, su kuma suna kan layin buƙata. Don haka daga mahaɗar ki sauka ƙasa ki sa alama a 4, sannan ki hau sama har ki taɓa layin buƙata, ki juya hagu, ki karanta 80. Wanda ya juya hagu tun daga mahaɗar zai rubuta 40, wato ya ce ɗan kasuwa ya sayar a 40 alhali masu saye a shirye suke su biya 80 a kan wannan adadin. Duk abin da ya biyo baya, akwatin riba da hukuncin rufewa, sai ya rushe.

Wata hanyar duba kanki: mahaɗar MR da MC dole ta faɗo a hagun inda MR ya yanki layin kwance, tunda MC ba ya sauka ƙasa da sifili. In kika ga adadin da kika zaɓa yana ƙarƙashin rabin ƙasa na layin buƙata, akwai layin da ya kauce.

Idan kamfani ba shi da iko a kan farashi

Rabin ruɗanin yana zuwa ne daga haɗa zane biyu a kai. A cikakkiyar gasa, inda masu sayarwa suke da yawa kuma kayansu iri ɗaya ne, kamfani ɗaya ba ya rage farashi don ya sayar da ƙari. Manomin da ya kai buhu goma na masara kasuwar Dawanau ya tarar da farashin ranar ne, ko ya kai sha ɗaya farashin ba zai motsa ba. Kowane ƙarin buhu yana kawo farashi cikakke, babu asara a kan na baya. Saboda haka MR layi ne a kwance, kuma shi ne farashi, shi ne matsakaicin kuɗin shiga, wato AR, shi ne layin buƙatar da kamfanin ke fuskanta. A rubuta a ƙarshensa P = AR = MR, layi ɗaya tak.

Kuskuren a nan iri biyu ne. Wasu suna ƙara wani MR mai gangarowa a ƙarƙashin layin kwancen, sun ɗauko shi daga zanen mai babakere. Wasu kuma suna ɗauko layin buƙatar kasuwa gaba ɗaya, mai gangarowa, su sa shi a zanen kamfani ɗaya. In an ce a zana kasuwa da kamfani gefe da gefe, kasuwa ce ke da layin buƙata mai gangarowa da layin samarwa mai hawa. Daga mahaɗarsu a ja layi mai ɗigo-ɗigo ya tsallaka zuwa zanen kamfani, shi ne zai zama MR ɗinsa. Kafin ki ɗora biro, karanta tambayar ki tabbatar wace kasuwa ce. Wurin rufe aiki da aka fi tambaya na kamfanin cikakkiyar gasa ne.

Layukan kuɗin kashewa, da inda ake rufewa

Ɗauki gidan buga bulo. Akwai kuɗin da mai shi zai biya ko ya buga ko bai buga ba: hayar fili, biyan bashin inji, albashin maigadi. A ce sun kai naira dubu 256 a mako. Akwai kuma wanda ke tafiya da aiki: siminti, yashi, ruwa, man inji, kuɗin lebura. Mu auna kaya da lodi, kuɗi kuma da dubun naira, mu ce:

```
TFC = 256
AVC = Q² − 12Q + 60
MC  = 3Q² − 24Q + 60
ATC = AVC + 256/Q
```

TFC shi ne kafaffen kuɗin da ba ya tafiya da aiki. AVC shi ne kuɗi mai tafiya da aiki a raba shi da yawan lodi. ATC kuma shi ne dukkan kuɗin, har da kafaffen, a raba shi da yawan lodi. In kika saka lambobi za ki ga MC ya fi sauka a lodi 4, inda yake 12. AVC ya fi sauka a lodi 6, inda yake 24, kuma a nan MC ma 24 ne. ATC ya fi sauka a lodi 8, inda yake 60, kuma MC a nan 60 ne. Wannan jerin, 4 sannan 6 sannan 8, shi ne ƙashin bayan zanen. Gindin MC yana fara zuwa, sai gindin AVC, sai gindin ATC can dama kuma sama.

Me ya sa MC ke ratsa su a gindinsu daidai? Kin san yadda matsakaicin makinki yake. In sabon gwaji ya zo ƙasa da matsakaicin, ya ja shi ƙasa. In ya zo sama, ya ɗaga shi. Muddin MC yana ƙarƙashin AVC, to AVC na sauka. Da ya haura samansa, AVC ya fara hawa. Wurin da suka haɗu kenan shi ne inda AVC ya daina sauka bai fara hawa ba, wato gindinsa. Zanen da MC ya yanki AVC a gefen da yake sauka, ko can bayan ya fara hawa, yana faɗin abin da lissafi bai yarda da shi ba, kuma tunda wurin rufe aiki shi ne wannan mahaɗar, ya tafi da ita.

Matsalar yawanci daga tsarin zanawa take. Ɗalibi ya zana kwano biyu, AVC da ATC, sannan ya yi ƙoƙarin ratsa su da MC, sai hannu ya kauce wa gindi ɗaya. Ki juya tsarin. Fara da MC, ya ɗan sauka sannan ya hau sosai. A gefensa mai hawa sa ɗigo biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Zana AVC ya sauko ya zauna a kan ɗigon ƙasa sannan ya tashi. Zana ATC ya zauna a kan ɗigon sama. Ta haka mahaɗar ba za ta kuɓuce ba, kuma gindin ATC zai faɗo dama da na AVC da kansa.

Ki kuma lura da tazarar da ke tsakanin ATC da AVC. Ita ce kafaffen kuɗi a raba da yawan kaya. A lodi 2 tazarar 128 ce, a lodi 4 ta koma 64, a lodi 8 ta koma 32. Tana raguwa kullum, amma ba ta kai wa sifili, don 256 ko an raba ta da dubu akwai saura. Don haka a hagu layukan suna nesa da juna, a dama suna matsowa, ba sa taɓa juna. Masu zana su da tazara ɗaya daga farko har ƙarshe sun yi kuskure, masu haɗe su a ƙarshe ma haka.

Yanzu hukuncin kansa. Ina zargin alamar tambayar da aka sa miki a nan take: kin sa wurin rufewa a gindin ATC. Hankali yana ba da haka, wai da zarar an fara asara sai a rufe. Amma mu gwada farashi 39 a lodi. MC yana kai wa 39 a lodi 7. Kuɗin shiga 273 ne. AVC a nan 25 ne, wato kuɗi mai tafiya da aiki 175. Ƙara 256, jimillar kashewa 431. Asara 158. Asara ce, babu musu. To in ya rufe fa? Babu siminti, babu lebura, babu ciniki, amma mai fili zai zo karɓar haya, bashin inji yana nan, maigadi yana nan. Asara 256. Bugawar ta biya siminti da lebura duka, ta bar 98 da za a rage nauyin haya da su. Gara asarar 158 da ta 256, don haka ya ci gaba da bugawa. Gindin ATC, wato farashi 60 a lodi 8, wuri ne da ba riba ba asara: ciniki 480, kashewa 480. Sunansa daban, alamarsa daban.

Sauko da farashi zuwa 24. Lodi 6, ciniki 144, kuɗi mai tafiya da aiki 144, ba abin da ya rage wa haya. Asara 256 ko ya buga ko ya rufe. Wannan ne wurin rufe aiki, gindin AVC, inda P = MC = AVC. Ƙasa da nan, a ce farashi 15, MC mai hawa yana kai wa 15 a lodi 5: ciniki 75, kuɗi mai tafiya da aiki 125, ko siminti da lebura bai fitar ba. Asara ta zama 306. Rufewa ta fi da 50.

Farashi 15 yana tona wani kuskuren. Layin farashi yana yankar MC sau biyu, a lodi 3 da lodi 5, ɗaya a gefen da MC ke sauka, ɗaya a gefen da yake hawa. Mahaɗar da ake so kullum ita ce ta gefen hawa. A ta gefen sauka, ƙarin lodi na gaba yana kawo fiye da abin da yake ci, don haka ba wurin tsayawa ba ne. Ɗalibin da ya ga mahaɗa ta farko daga hagu ya sa alama a nan ya zaɓi wurin da ya fi muni. Kuma a wannan farashin, bayan kin nuna mahaɗar gefen hawa a lodi 5, amsar ƙarshe ita ce sifili, ba 5 ba. MR = MC yana amsa tambayar "nawa zan buga in zan buga". Kwatanta farashi da AVC ne ke amsa "in buga ko in bari". Tambayoyi biyu ne, kuma a takarda ya kamata a ga kin amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ne layin samarwa na kamfani a gajeren zango yake fitowa. Shi ne ɓangaren MC daga gindin AVC zuwa sama. A kaurara wannan ɓangaren da biro. Masu farawa daga gindin ATC sun yanke tsakanin 24 da 60, inda muka ga kamfani yana aiki duk da asara. Masu kaurara MC gaba ɗaya kuma sun ce yana aiki a 15. Ƙasa da 24 abin da yake samarwa sifili ne, kuma in kina son cikawa sai ki kaurara layin tsaye daga kusurwa zuwa 24.

Akwatin asara shi ma yana cin maki. A farashi 39, faɗinsa lodi 7 ne, tsayinsa kuma daga layin farashi zuwa ATC a kan lodi 7 ɗin, ba zuwa gindin ATC ba. ATC a lodi 7 ya ɗan haura 61 da rabi, tazararsa da 39 sau 7 ita ce ke ba da 158. Wanda ya auna daga gindi, wato 60, zai samu 147. Ido yana son gindin kwano saboda nan ne aka riga aka sa ɗigo. Ki ja layin tsaye mai ɗigo-ɗigo daga adadin da kika zaɓa ya ratsa dukkan layukan, duk karatun da za ki yi ki yi shi a jikinsa. A jikinsa ne kuma za ki iya nuna hujjar ci gaba da aiki: akwatin da ke tsakanin ATC da AVC shi ne kafaffen kuɗi, 256, asarar rufewa, kuma ana gani da ido cewa akwatin asarar aiki yanki ne kawai a cikinsa.

Inda abubuwan biyu suka haɗu

Wani lokaci ana tambayar ko mai babakere zai rufe. A nan ne kuskuren MR da kuskuren rufewa ke haɗuwa. A cikakkiyar gasa ɗalibi ya saba kwatanta layin kwance da AVC, kuma tunda layin sunansa MR, sai ya haddace cewa ana rufewa idan MR ya gaza AVC. Ƙa'idar ta farashi ce, ba ta MR ba. Koma misalin farko: kaya 4, MR 40, farashi 80. A ce a kan kaya 4 AVC 55 ne, ATC 95. Mai kwatanta 40 da 55 zai ce a rufe. Amma ciniki 320 ne, kuɗi mai tafiya da aiki 220, saura 100 a kan kafaffen kuɗi na 160. Asara 60 in ya yi aiki, 160 in ya rufe. Ya ci gaba. Mai babakere yana rufewa ne sai idan layin buƙata gaba ɗayansa ya faɗa ƙarƙashin AVC, babu adadin da farashi zai biya kuɗin aiki. Don haka a zanensa iyakar rufewa ba gindin AVC ba ce, wuri ne da layin buƙata ya goga AVC a gefensa mai sauka. Kada kuma ki kaurara MC ɗinsa ki kira shi layin samarwa, mai babakere ba shi da irin wannan layin.

Duk abin da na faɗa game da AVC na gajeren zango ne, lokacin da haya da bashin inji suka ɗaure mutum. In tambaya ta ce dogon zango, babu kafaffen kuɗi kuma, don yarjejeniyar haya tana ƙarewa, inji ana iya sayar da shi. Layin matsakaicin kuɗi ɗaya ne kawai za ki zana, kuma farashin da ya dawwama ƙarƙashin gindinsa yana sa kamfani ya bar sana'ar gaba ɗaya. Mai bulonmu zai jure 39 na wasu makonni, ba zai sabunta haya a kansa ba. Ki duba kalmar zango a cikin tambaya kafin ki yanke ko za ki zana AVC.

Zanen yana ɗauka cewa rufewa da sake buɗewa ba su da tsada. A zahiri mai gidan bulo yana iya jure farashi ƙasa da AVC na ɗan lokaci don kada ƙwararrun leburorinsa su watse ko masu sayen kayansa su koma wani wuri. Wannan magana ce mai kyau a tambayar da aka ce a tattauna, amma ba ta matsar da ɗigon a zane.

Game da takardarki, ɗauko ta da rula. Auna ko MR ya taso daga ɗigo ɗaya da layin buƙata, kuma ko ya raba layin kwance biyu. Sannan duba ko ɗigon rufewarki yana kan AVC ne ko ATC, kuma ko MC ya bi ta gindinsa daidai. In duka sun yi kyau, to saura sunaye: layin tsaye ya ɗauki farashi da kuɗi, layin kwance ya ɗauki yawan kaya, kowane layi da sunansa a ƙarshensa, farashin rufewa da adadinsa kuma a ja musu ɗigo-ɗigo har jikin layin tsaye da na kwance. In har yanzu ba ki ga laifin ba, kai wa malamin takardar ki roƙe shi ya nuna miki wace mahaɗa ce ta kauce, don yadda ake raba maki a kan zane ya bambanta daga malami zuwa malami.